Yadda kwamfuta ke mai da hoto mai tudu da kwari kamar zanen hannu

Duk wanda ya saba kallon katun ɗin Japan zai lura cewa fuskar jarumi launi biyu ce ko uku: na fata, da na inuwa a ƙarƙashin haɓa da gefen hanci, tsakaninsu iyaka mai kaifi. Haka masu zane suka saba tun zamanin da ake shafa fenti a kan takardar roba garai-garai, domin babu lokacin sirka launi a dubban hotuna. Ita kuwa kwamfuta, in ta gina mutum mai tsawo da faɗi da kauri, haskensa a hankali yake dushewa har ya koma duhu. Dabarar da ake kira sel-shedin ita ce hana kwamfuta wannan dushewar. Wasan Jet Set Radio na kamfanin Sega ya fito da ita fili a 2000, sai The Wind Waker na Nintendo a 2002.

Tushen abin lissafi ne da Johann Lambert ya bayyana tun 1760. A ɗauki ƙwallo da fitila ɗaya. Wurin da ya fuskanci fitilar kai tsaye haskensa 1 ne, cikakke. Wurin da ya kauce da digiri 60 haskensa 0.5, wanda ya kauce da digiri 90 kuma sifili. Tsakaninsu akwai matakai bila adadin, su ne ke sa ido ya ga ƙwallon a dunƙule. Sai a kafa doka guda: duk inda haske ya haura 0.5 a ba shi launi mai haske, duk inda ya gaza a ba shi launin inuwa. Nan take ƙwallon ya rabu biyu kamar an yanka shi da wuƙa.

A manhajar Blender, wadda kyauta ake samunta, ga yadda ake jera akwatunan:

```
Diffuse BSDF > Shader to RGB > Color Ramp > Emission
```

A cikin Color Ramp a zaɓi Constant a madadin Linear, nan ne yankan yake. Akwatin Shader to RGB a injin EEVEE kaɗai yake aiki, Cycles ba ya karɓarsa. Lambar yankan tana bin ƙarfin fitila, don haka da ido ake matsar da ita har inuwa ta zauna inda ake so. In launuka sun fito a koɗe, a mai da View Transform zuwa Standard. Shawarata, kada inuwa ta zama baƙa ko toka. Fata mai ruwan ƙasa ta fi kyau da inuwar da ta karkata ga ja ko shunayya, kuma haka masu fenti ke yi.

Saura baƙin layin da ke kewaye jiki. Ana yi wa mutumin kwafi da ya ɗan fi shi girma ta hanyar Solidify, a juya kwafin ciki waje, a ba shi baƙin launi, a kunna Backface Culling. Gaban kwafin sai ya ɓace, gefensa kawai ke leƙowa ta bayan jiki, shi ne layin. Sai dai ba ya zana layukan ciki, irin su naɗin riga. Waɗannan da hannu ake ƙara su.

Fuska ita ce ke tona asirin aiki. Hanci da kumatu da kwarmin ido kowanne da inda ya fuskanta, saboda haka yankan yakan haifar da ɗigo-ɗigon inuwa masu karkace-karkace, suna rawa da zarar kai ya motsa. Wannan ita ce alamar aikin da ba a gama ba, kuma ƙara fitilu dagula shi yake yi. Kamfanin Arc System Works, da ya yi wasan Guilty Gear Xrd a 2014, ya sa masu zane sun gyara da hannu alkiblar da kowane ɓangaren fuska ke nuna wa lissafin haske, kuma kowane jarumi aka ba shi fitilarsa. Mai koyo na iya yin kusan haka da Data Transfer: ya aro alkiblar ƙwallo mai santsi ya ɗora wa fuskar, inuwa ta faɗo gida ɗaya, tsaf.

Hoton kyamara kuwa ba ya ɗauke da bayanin alkibla, launi kawai ke cikinsa. A GIMP ana fara lallausa shi, a rage matakan launi da Posterize, sannan a bi gefuna da layi. In ba a lallausa ba, kowane ƙurji da zaren yadi sai ya zama tabo. Hoton da aka ɗauka da haske ɗaya daga gefe, kamar na bakin taga, ya fi karɓar wannan aiki nesa ba kusa ba.