Kafin Mai Saye Ya Tura Kuɗi: Yadda Ake Rubuta Shafin Tambayoyi da Amsoshi na Kantin Intanet

Duk mai sayar da kaya ta waya ya san inda ciniki yake mutuwa. An ga hoton atamfa, an yi taya, an sallama, an nemi lambar asusu an bayar, sai shiru. Galibi ba tsada ce ta kori mai sayen ba. Tsayawa ya yi yana tunanin cewa zai tura kuɗinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba, a garin da ba ya ciki, kuma idan abu ya lalace bai san ƙofar da zai buga ba. Shafin tambayoyi da amsoshi, wanda a kantunan intanet ake gani an rubuta FAQ a kansa, don wannan tsayawar aka yi shi.

Yawancin irin waɗannan shafuka ba sa aikin da aka yi su dominsa, saboda mai kanti yana amsa tambayoyin da yake so a yi masa ne, ba waɗanda ake yi masa ba. "Kayanku masu inganci ne?" "Ƙwarai kuwa." Wannan ba ta cire wa kowa shakka ba, tun da macuci ma haka zai ce. Amsar da take kwantar da hankali tana ɗauke da adadi, ko suna, ko rana, sannan tana faɗin abin da zai faru idan al'amari ya karkace.

Mu ɗauki misalin kanti a Kano da yake sayar da atamfa, shadda da leshi, yana saro kaya a Kantin Kwari yana aikawa Kaduna, Abuja da Legas. Kuɗi da kwanakin da zan ambata na misali ne, kowa zai sa nasa. Aikin farko ba rubutu ba ne. Mai kanti zai buɗe saƙonnin WhatsApp da Instagram na wata ɗaya ko biyu da suka wuce, ya kwafe tambayoyin kamar yadda masu saye suka rubuto su, ya fi mai da hankali kan hirar da ta yanke ba a saya ba. Tambayar ƙarshe da mutum ya yi kafin ya ɓace ita ce ta fi cancantar hawa saman shafi. A bar ta da harshen mai ita. Wanda ya rubuto "idan na biya kaya ba su zo ba fa?" ba zai gane damuwarsa a ƙarƙashin kan magana irin "manufofinmu na hada-hada" ba.

A batun biya, abin da ya fi tsorata mai saye shi ne asusun da zai tura wa. Ya ga sunan kanti a shafi, amma da ya sa lambar asusu a manhajar bankinsa sai sunan wani mutum dabam ya fito. A nan da yawa suke janye hannu, kuma suna da gaskiya, domin masu damfara sukan kwafi hotunan kanti su buɗe shafi mai kama da shi su sa nasu asusun. Saboda haka amsar farko ta faɗi sunan banki, lambar asusu mai lamba 10, da ainihin sunan da zai bayyana a allo. Ta ƙara da cewa kantin ba shi da wani asusu sai wannan, kuma duk wanda ya turo wata lamba da sunan kantin ba nasu ba ne. Idan an yi wa kasuwancin rajista da hukumar CAC, a sa lambar rajistar, domin mai saye yana iya bincika sunan a shafin hukumar da kansa. Idan kuwa asusun na mai kanti ne na kansa, babu laifi, amma a faɗa tun da wuri: sunan da za ka gani na mai kantin ne. Wanda yake karɓar kuɗi da kati ta hanyar Paystack ko Flutterwave ya ambaci haka, ya kuma rubuta a fili cewa kantin ba zai taɓa neman lambar sirrin kati ko lambar OTP da banki yake turowa ba.

Tambaya ta biyu a nan ita ce wadda take haddasa zage-zage: an cire wa mai saye kuɗi, mai kanti bai ga alat ba. Kowa yana zargin ɗan'uwansa. Mai saye yana ganin an ci kuɗinsa, mai kanti yana tsoron rasit na bogi, wanda shi ma abu ne da yake faruwa. Idan an rubuta ƙa'idar tun kafin rigima, babu wanda zai ɗauke ta a matsayin cin fuska. Ga yadda za a iya rubuta ta:

"An cire min kuɗi amma kun ce ba ku gani ba, yaya ke nan? Wani lokaci tiransifa takan maƙale tsakanin bankuna. Turo mana rasit ɗin da yake nuna Session ID. Za mu ajiye maka kayanka na awa 24 ba tare da mun sayar wa wani ba. Ba ma fitar da kaya sai kuɗi sun bayyana a asusunmu, kuma haka muke yi wa kowa. Idan ba su shigo ba, bankin da ka tura daga cikinsa ne zai bi sawunsu da wannan lambar ya mayar maka."

A lura da abin da amsar ta yi. Ta ba mai saye abin yi, ta ba shi wa'adi, ta kuma nuna masa wanda zai nema. Session ID lamba ce doguwa da kowace tiransifar nan take tsakanin bankunan Najeriya take ɗauke da ita, kuma da ita banki yake gano inda kuɗi suka tsaya. Hoton allo mai cewa an yi nasara kawai ba ya isa.

Sai maganar biya bayan kaya sun iso, wadda kusan kowane sabon mai saye yake tambaya. Idan ba a yi, a ce ba a yi, a ba da dalili a jimla ɗaya. Idan ana yi a cikin gari kaɗai, a faɗi iyakarsa. Kalmar "ya danganta" ba amsa ba ce, gayyatar ciniki ce.

A batun aika kaya, kalmar da ta fi ɓata suna ita ce "nan ba da jimawa ba". Mai saye da yake da biki ranar Asabar yana so ya ƙirga kwana ne. Kuma kwanakin kashi biyu ne, waɗanda masu kanti suke haɗewa su jawo wa kansu: ranar da kaya suke barin kanti, da kwanakin da suke yi a hanya. Kantinmu na misali zai rubuta cewa duk wanda ya biya kafin ƙarfe 12 na rana kayansa za su fita a ranar, wanda ya biya bayan haka sai washegari, kuma ba a fitar da kaya ranar Lahadi. Daga nan a jera garuruwa: cikin Kano a ranar ko washegari, Kaduna da Abuja kwana 1 zuwa 2, Legas kwana 3 zuwa 5. A rubuta kwanakin da aka saba gani idan hanya ta yi tsauri, ba na ranar da aka yi sa'a ba.

Dole kuma a bambance hanyoyin aike, domin ba ɗaya suke ba. Kayan da aka ba direba a tasha, irin ta Unguwa Uku, sun fi sauƙin kuɗi kuma sukan yi sauri, amma ba gida ake kai su ba. Mai saye ne zai je tasha ya karɓa, kuma shaidarsa ita ce lambar wayar direba da lambar mota. Kamfanin aike irin GIG Logistics yana ba da lambar bin sawu, kuɗinsa kuma ya fi yawa. Shafin ya faɗi wa zai biya kuɗin aike da kuma lokacin biya, domin babu abin da yake ɓata wa mutum rai kamar ya isa tasha direba ya ce sai ya ba da wani abu, alhali ya ɗauka ya gama biya. Sannan tambayar da masu kanti suke gudu: idan kaya sun ɓata a hanya, asarar wa? Ra'ayina shi ne, idan mai kanti ne ya zaɓi direba, shi ya kamata ya ɗauka, ya rubuta haka. Idan mai saye ne ya turo nasa direban, a rubuta cewa alhaki ya koma kansa daga lokacin da aka miƙa kaya aka turo masa hoto.

Mayar da kaya shi ne wurin da ake yawan rubuta "in an saya ba a dawowa" a wuce. Wannan jimla ba ta da ƙarfin da masu ita suke zato. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibu ko suka saɓa wa yadda aka siffanta su, kuma sanarwar mai kanti ba ta soke wannan. Abin da ya fi shi ne a raba lamarin gida biyu. Idan kuskuren kanti ne, wato an turo wani zane dabam, ko yadi bai cika ba, ko akwai yagewa, kanti zai canza ko ya mayar da kuɗi, shi zai biya kuɗin dawowa. Idan mai saye ne ya canza ra'ayi, nan kanti yana da 'yancin sa sharaɗinsa: a sanar cikin kwana 3 da karɓa, kada a wanke, kada a yanka, kada a kai wa tela, kuma kuɗin mota na mai saye ne. Turmin atamfa mai yadi 6 da ba a taɓa ba yana sake sayuwa. Shaddar da aka yanko yadi 7 musamman domin mutum ɗaya ba ta da mai saye na biyu, don haka a rubuta tun farko cewa irin wannan ba ta dawowa sai da aibu.

Launi yana bukatar tambayarsa ta kansa, domin shi ne tushen yawancin ƙorafin masu yadi. Hasken waya yana canza shuɗi da kore, kuma hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin fitilar shago ba ya kama da na rana. Cewa "launi na iya bambanta" kāriya ce ta mai kanti kawai. Abin da yake amfanar mai saye shi ne a ce masa yana iya neman ɗan gajeren bidiyo a hasken rana kafin ya biya. Game da mayar da kuɗi kuma, a faɗi kwana nawa bayan kaya sun dawo, a kuma ce asusun da aka biya da shi za a mayar wa. Wannan yana toshe wata dabarar 'yan damfara, inda ake biya daga asusun sata a nemi a mayar wani asusu.

Tsarin shafin ba ya bukatar dogon bayani. Tambayoyi goma zuwa goma sha biyu sun isa, kowace amsa ta fara da e ko a'a ko adadi, domin a waya ake karantawa. Wanda ba shi da shafin intanet yana iya sa su a matsayin amsoshin gaggawa a WhatsApp Business, ko ya liƙa su a saman shafinsa na Instagram.

Ana gane amsar da ba ta yi aiki ba idan mutane suka ci gaba da turo tambayar da aka riga aka amsa: ko dai ba sa ganinta, ko ba ta faɗi adadi ba. Lokacin da shafin ya fi saurin zama ƙarya kuwa shi ne goman ƙarshe na azumi, sa'adda tasha take cika, kuɗin mota yake hawa, kowa kuma yana so kayansa su riski tela. Tun kafin a kai nan ya kamata a sabunta kwanaki da kuɗin aike, a kuma rubuta a sama ranar ƙarshe da kanti zai karɓi odar da yake da tabbacin za ta isa kafin Sallah.