Zafin Ruwa da Lafiyar Kifin Tanki

Kifi ba ya iya daidaita zafin jikinsa kamar yadda mutum ko saniya suke yi. In ruwa ya yi sanyi, jikinsa ya yi sanyi. In ya yi zafi, shi ma haka. Kifayen ƙasashe masu zafi, irin na ado da ake sawa a tankin gilashi, sun fi jin daɗin ruwa mai digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. Tarwaɗa da karfasa, waɗanda ake samu a Tafkin Chadi, kuma ake kiwo a gidaje, sun fi girma a tsakanin digiri 26 da 30.

A Maiduguri yanayi yakan kai maƙura ta fuska biyu. A watan Afrilu zafin rana yakan wuce digiri 40, ruwan da ya ɗumama kuwa ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, sai a ga kifaye sun taso sama suna buɗe baki. Da hunturu kuma dare yakan yi sanyi ƙwarai, kifi ya rage motsi, ya bar cin abinci. Amma abin da ya fi waɗannan illa shi ne canjin da ya zo farat ɗaya, domin jikin kifi yana bukatar lokaci kafin ya saba. Idan ya galabaita, ƙarfin da yake kare kansa da shi daga cuta yakan ragu, har fararen ɗigo-ɗigo su fito masa a jiki.

Mu ɗauki misalin wani mai kiwo a kusa da Kasuwar Shanu, wanda tankinsa ke cin lita 1,000. Da safiyar hunturu ya auna ruwan ya tarar da digiri 20, ruwan rijiyar burtsatsensa kuma digiri 30. Idan ya zubar da rabi ya cika da sabo, ruwan zai koma digiri 25, wato ya tashi da digiri 5 cikin mintoci kaɗan. Ko da yake 25 ya fi 20 dacewa da kifi, wannan hanzari shi ne zai wahalar da shi. Idan kuwa lita 200 kawai ya canza, ruwan zai tsaya a digiri 22, canjin da kifi zai iya jurewa. Bayan wasu awoyi sai ya sake canza wani kaso.

Haka ma sabon kifi: a ɗora ledarsa a kan ruwan tankin na kimanin minti 20, a riƙa zuba masa ruwan kaɗan-kaɗan, sannan a sake shi.

Tambayoyi
1. Me ya sa kifi yake tasowa sama a lokacin zafi?
2. Idan mai kiwon ya canza lita 300, digiri nawa ruwan zai koma?