Yadda Firistocin Amun Suka Tara Dukiya da Mulki a Tsohuwar Masar

A tsohuwar Masar ana ɗaukar haikali a matsayin gidan abin bauta, kuma kamar gidan kowane babban mutum yana da gonaki da rumbuna da dabbobi da barori. Masu kula da wannan gida su ne firistoci. Babu waɗanda suka kai na Amun ƙarfi, waɗanda cibiyarsu ke Karnak a birnin Tebes, inda garin Luksor yake a yau.

Tushen dukiyar kyautar sarki ce. Daga wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya, fir'aunonin da suka fito daga Tebes suka shiga yaƙe-yaƙe a Sham da Nubiya, kuma duk nasarar da suka samu sukan ce Amun ne ya ba su. Saboda haka sai a ware masa rabonsa na ganima: zinariya, fursunonin yaƙi, shanu, har da garuruwa. Tutmos na Uku, bayan yaƙin Megiddo, ya ba Amun garuruwa uku na Sham. Irin wannan kyauta ta yi kama da waƙafi, domin sarki yana mutuwa amma gonar tana nan a hannun haikali, magajinsa kuma ya zo ya ƙara tasa.

Wata doguwar takarda da ake kira Papyrus Harris, mai tsawon kimanin mita 41, ta lissafa abin da haikalai suka samu a zamanin Ramses na Uku. A ɓangaren Tebes kaɗai an rubuta mutane 86,486 da dabbobi 421,362 da jiragen ruwa 83 da garuruwa 65. A ƙasar da ba a fara buga sulalla ba, mai hatsi shi ne mai kuɗi. Manoma da sojoji da makiyaya suna noma gonakin haikali su biya kaso daga amfanin. Gurasa da nama da giyar da aka ajiye gaban gunki kuwa ba a zubarwa, ana kwashe su bayan ibada a raba wa ma'aikata gwargwadon matsayi, wannan ne albashinsu. Sarakuna sukan ƙara da dokar kariya. A wadda Seti na Ɗaya ya sa aka sassaƙa a dutsen Nauri, cikin ƙasar Sudan ta yanzu, an tanadi bulala har da yanke hanci da kunnuwa ga jami'an da suka taɓa mutane ko kadarorin haikalinsa na Abidos.

Hanya ta biyu ita ce bakin gunki. A ranakun biki firistoci suna ɗauko shi cikin ƙaramin jirgi a kafaɗunsu, a yi masa tambaya, motsinsa gaba ko baya ya zama amsa. Da haka ake yanke shari'a da tabbatar da naɗi, kuma waɗanda ke ɗauke da jirgin ba su rasa hannu a hukuncin.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa haikali kishiyar fada ne tun fil'azal. Sarki ne ke naɗa babban firist. Ramses na Biyu a shekararsa ta farko ya ɗauko Nebwenenef daga wajen Tebes ya ba shi muƙamin. Rumbun haikali ma gwamnati na ɗiba daga cikinsa don biyan ma'aikatanta. Muddin sarki na da ƙarfi, dukiyar Amun tana ƙarƙashin ikonsa.

Abin ya sauya ne lokacin da muƙamin ya zama gado, fadar kuma ta koma can arewa. Ramsesnakht, wanda mahaifinsa babban jami'in haraji ne, ya riƙe kujerar daga zamanin Ramses na Huɗu zuwa na Tara, sannan ɗansa Amenhotep ya hau. A bangon Karnak an sassaƙa Amenhotep tsayinsa ɗaya da na sarki, alhali bisa al'ada talaka ko bafade ba ya kai fir'auna girma a zane. A zamanin Ramses na Goma Sha Ɗaya, wani janar mai suna Herihor ya haɗa jagorancin soja da muƙamin babban firist, har aka rubuta sunansa da laƙabin sarauta a haikalin Khonsu. Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, domin rumbu da gunki ba su isa ba sai da takobi ya shigo. Bayan wajen 1070 kafin Miladiyya ƙasar ta kasu biyu a aikace: Smendes yana sarauta daga Tanis a arewa, manyan firistocin Amun suna riƙe da kudu.

Sarakunan baya sun nemo dabarar maido da dukiyar gidansu, ta hanyar naɗa 'ya'yansu mata a muƙamin Matar Amun, mai gonaki da ma'aikata nata na kanta. Sarakunan Kush sun sa Amenirdis, a shekara ta 656 kafin Miladiyya kuma Samtik na Ɗaya ya aika 'yarsa Nitokris Tebes domin ta gaji kujerar, abin da ya tabbatar masa da ikon kudancin Masar ba tare da yaƙi ba.