Waƙa ta fita, amma ba ta shafin mai ita

Tun zamanin da ake zuwa wurin masu tura waƙa a kasuwa su cika wa mutum katin waya, mawaƙanmu suka saba da rubuta komai a jikin sunan waƙa: mai waƙa, wadda ta yi amshi, sutudiyo, shekara, wani lokacin har da lambar waya. A wancan lokacin dabara ce mai kyau, domin sunan fayil shi kaɗai ke bin waƙar duk wayar da ta shiga. Yau wannan ɗabi'ar ce ke ɓatar da waƙoƙi a Spotify, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2021, da Apple Music da Boomplay.

Mawaƙi ba ya ɗora waƙa a Spotify da hannunsa. Dillali yake ba, irin su DistroKid ko TuneCore, ya cike fom, su kuma su rarraba. Kowane bayani yana da gurbinsa a fom ɗin, kuma na'ura ce ke karantawa, ba ta san abin da kake nufi ba sai abin da ka rubuta.

A ce Wane ya yi waƙa, Wance ta hau baiti guda. Yaron sutudiyo ya zo gurbin Primary Artist, wato mai waƙa, ya rubuta "Wane ft Wance" a layi ɗaya. Manhaja za ta ɗauka wani sabon mawaƙi ne mai wannan dogon suna, ta buɗe masa shafi fayau, ba hoto, ba mabiyi ko ɗaya. Waƙar ta fita, amma ba ta shafin Wane, ba ta na Wance. Mabiyansu da ya kamata su same ta a Release Radar, jerin sababbin waƙoƙin da Spotify ke haɗa wa kowane mai sauraro ranar Juma'a, ba za su ji ɗuriyarta ba. Abin da ya dace shi ne Wane a Primary Artist, Wance a Featured Artist, furodusa a gurbinsa. Idan kuwa raba waƙar suka yi daidai, sai a sa su duka a matsayin masu waƙa, kowa da layinsa.

Rubutun suna ma haka. Yusuf da Yusif mutum ɗaya ne a gida, mutum biyu ne a wurin na'ura. Mawaƙi ya zaɓi rubutu guda ya tsaya a kansa, kuma ya ba dillali adireshin shafinsa in an tambaya, don kada a kai waƙarsa shafin takwaransa. Ana gane ɓarna ranar fitowa: buɗe waƙar, taɓa sunan da ke ƙasanta. In ya kai ka shafin da babu tsofaffin waƙoƙinka, rubuta wa dillali ya gyara. Kada a yi garajen gogewa a sake ɗorawa, domin kowane rikodi yana da lambar shaida mai gurabe 12 da ake kira ISRC, kuma sabuwar lamba kan mayar da ƙidayar masu sauraro farko.

Shi kuwa take, sunan waƙa kawai ake so. Ƙarin irin su "Official Video" ko "Latest Hausa Song" yakan sa dillali ya dawo da fom. Sai matsalar da ta zama tamu: haruffa masu ƙugiya. A wurin na'ura ƙ da k haruffa ne daban, kuma ba kowane injin bincike ke haɗa su ba, alhali yawancin mutane "kauna" suke bugawa a waya. Ni dai ba na son a zubar da ƙugiya, rubutunmu ne. Gara a gwada neman wata tsohuwar waƙa ta hanyoyin biyu a ga abin da manhajar ke yi, sannan a sa rubutun marar ƙugiya cikin bayani inda ake da gurbinsa.

Gurbin bayanin nan yana YouTube da Audiomack, kuma layukan farko ne ke aiki: wace irin waƙa, su wa suka yi, ta biki ce ko ta bege. Spotify ba ta nuna wa jama'a bayanin waƙa. Abin da take da shi saƙo ne zuwa ga editocinta ta Spotify for Artists, wanda ake turawa aƙalla kwana 7 kafin fitowa, na waƙa ɗaya tak. A nan a faɗi harshe, a faɗi gari, a ambaci kalangu ko gurmi in suna ciki. Wanda ya gama haɗa sauti daren Alhamis ya ce lallai gobe za ta fita, ya riga ya rasa wannan damar.