Ruwa nawa ne a cikin tururin da ke fita daga tabain?

A tashar lantarki irin ta Egbin da ke Legas, tururi ne ke juya tabain, wato injin nan mai fukafukai da ke tuƙa janareta. Da zafinsa yake shiga, a bushe, amma kafin ya kai ƙofar fita ya huce, har wani sashe nasa ya koma ɗigon ruwa. Ma'aunin zafi kuwa ba zai tona wannan asiri ba. Muddin matsi yana kilofaskal 10, digiri 45.8 zai nuna, ko ruwan kaɗan ne ko da yawa. Dole injiniya ya buɗe jadawalin tururi.

Abu biyu yake nema: kason bushewa, x, wato yawan tsantsar tururi a kowane kilo, da entalfi, h, ƙarfin da kilon yake ɗauke da shi.

A ce tururi ya shiga da matsin kilofaskal 3000 da zafin digiri 350. Shafin busasshen tururi zai ba da entalfi kilojul 3116 a kilo, da enturofi 6.745. A tabain marar asara ko kaɗan enturofi ba ya canzawa, don haka da lambar nan za a tafi layin kilofaskal 10. A can, enturofin tsantsar ruwa 0.649 ne, tazarar da ke tsakaninsa da na tsantsar tururi kuma 7.500. A cire 0.649 daga 6.745, a raba da 7.500, x ya fito 0.813. Sai entalfi:

```
h = hf + x·hfg = 191.8 + 0.813 × 2392 ≈ 2136
```

A nan hf entalfin ruwan ne, hfg kuma ƙarin da kilo ɗaya ke buƙata ya zama tururi gaba ɗaya. Ke nan kowane kilo ya bar wa tabain kilojul 980.

Sai dai tabain marar asara a takarda kawai yake. Idan na gaske ya ci kashi 85 cikin ɗari na wannan, kilojul 833 ke nan, entalfin fita ya zama 2283. A juya lissafin, a cire 191.8, a raba da 2392, x ya koma 0.874. Abin mamaki, asarar ce ta ɗan busar da tururin.

Duk da haka akwai saura. Ɗigon ruwa yana bugun fukafukan ƙarshe kamar yashi a iskar hunturu, yana cinye bakinsu, shi ya sa ba a son x ya sauka ƙasa da wajen 0.88 zuwa 0.90. Manyan tashoshi kan mayar da tururin tukunya a tsakiyar tafiya a sake ƙona shi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne matsi. Jadawali da cikakken matsi yake aiki, agogon da ke jikin bututu kuwa yakan auna ne daga matsin iskar waje, wajen kilofaskal 101. Kuma idan x ya haura 1, tururin bai jiƙe ba sam, a koma shafin busasshe.