Kananan kalmomin da ke birkita fassarar Jamusanci

Mai duba fassarar makala daga Jamusanci ba ya karanta ta a dunƙule, don daɗin rubutu yana ɓoye kuskure. Yakan ajiye asali da fassara gefe da gefe, ya bi su jimla bayan jimla.

A ce jaridar ta rubuta: "Der Minister soll das Geld nicht erhalten haben." Ma'anarta ita ce an ce ministan bai karɓi kuɗin ba. Idan mai fassara ya tsallake "soll", zai rubuta cewa ministan bai karɓi kuɗin ba kai tsaye, jita-jita ta koma tabbas. Idan kuma "nicht" ce ta faɗi, to an ɗora wa mutum laifi. Wannan yana faruwa ne domin Jamusanci yakan tura aikatau da kalmar korewa can ƙarshen jimla, inda ido ya riga ya gaji.

Lambobi ma tarko ne. Bajamushe yana rubuta dubu ɗaya da ɗari biyar a matsayin 1.500, ɗaya da rabi kuwa 1,5. "Billion" a wurinsa tiriliyan ce, biliyan kuma "Milliarde". "Halb drei" ƙarfe biyu da rabi ne, ba uku da rabi ba.

Ƙari ya fi wuyar kamawa, a ganina. Dabarar ita ce a sake bi daga fassara zuwa asali, a nemi mazaunin kowace kalma. Duk "ƙwarai" ko "abin takaici" da ba shi da gurbi a Jamusancin, ra'ayin mai fassara ne, sai a goge shi.