Yadda ake ɗora nektayi a hoto ba tare da an gane ba

Masu gyaran hoto sun san kwastoman da ke kawo hotonsa da farar riga, yana son a sa masa nektayi don takardar neman aiki. Asirin aikin yana wajen wuyan riga. A rigar gaske, ƙullin nektayi yana zaune a tsakanin fikafikan kwala, gefensa biyu sun shige ƙarƙashinsu. Saboda haka a Photoshop sai a yanko fikafikan kwalar a ɗora su a saman nektayin. Idan ƙullin ya hau kan kwala, nan take ido zai gane liƙi ne. In maɓallin wuya a buɗe yake, a fara rufe shi.

Daga nan sai a ɗauki Warp a lanƙwasa nektayin ya bi ƙirji, ratsinsa ma ya karkata tare da shi. A bar ɗan lotsawar nan da ke ƙasan ƙulli.

Inuwa kuwa, a duba fuskar mutumin. In haske daga hagu ya zo, inuwa ta faɗi dama. A zana ta a Multiply: mai duhu siririya inda kwala ta taɓa ƙulli, mai laushi a kan riga.